Hoto ya ƙi hawa saboda nauyi

"Ina son ɗora hoto mai MB 6, network ba ƙarfi, kullum sai ya tsaya a hanya. Ya zan yi?"

Fara rage girmansa. Hoto mai 4000 × 3000 ka mayar da shi 1600 × 1200 ta Resize, a Gallery idan wayarka na da shi, ko a manhajar rage hoto. Ka adana shi a JPG, Quality wajen 75, yawanci zai sauko ƙasa da KB 500.

Kwafi za ka taɓa, ka bar na asali, don abin da aka rage ba ya dawowa. Idan takarda ce, zuƙo hoton ka duba ko rubutun na karantuwa. Idan shafin ya ƙayyade KB 50 kuma fuska ta dushe, je kafe su gyara maka.