An sa mini gwajin asibiti ranar difens ɗina, ya zan roƙi a canza?

"Salam Anti, na samu admishan a Birtaniya karatu zai fara a Satumba. Asibitin da ake gwajin tarin fuka na biza sun ba ni Talata 15 ga Yuli ƙarfe 9 na safe, kuma wallahi ranar ne aka sa mana difens ɗin furojet a makaranta. Ɗaukan hoton yatsu kuma 29 ga Yuli ne. Don Allah me zan rubuta musu su canza mini, ina tsoron kar su soke gaba ɗaya."

Wa alaikissalam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Kwantar da hankalinki, canza rana abu ne da suke yi kullum, babu wanda zai ƙullace ki. Amma kafin ki taɓa waya ki rubuta komai, fara duba kalanda ki ga ina za ki tura ranar, gaba ko baya, domin a nan ne mutane suke cutar kansu ba a wurin turancin saƙon ba.

Ni a ganina ki nemi a dawo miki da ranar kusa, kar ki nemi a ɗaga. Ga dalili. Gwajin nan hoton ƙirji ne, idan hoton ya fito tas za a ba ki takardar shaida ba da daɗewa ba, kuma tana aiki wata 6 daga ranar da aka ɗauki hoton, to kin ga yin sa da wuri da kwana huɗu ko biyar ba zai rage ki da komai ba. Amma idan likita ya ga wani ɗan tabo da bai gamsu da shi ba, sai a ce ki kawo majina, safiya uku a jere, sannan a jira sakamako wanda yana iya kai sati 8. Ba fata nake miki ba, Allah ya kiyaye, kuma yawanci mutane hoton kawai ake musu su wuce, sai dai mai shirin fara karatu a Satumba kowace rana ɗaya tana da daraja a wurinta. Don haka ranakun da za ki fara miƙa musu su ne Alhamis 10, Juma'a 11 da Litinin 14, sannan ki ajiye Laraba 16 a matsayin ko-ta-kwana. Abin da ya wuce wannan Larabar kar ma ki ambace shi da bakinki, saboda in kin rubuta "kowace rana ta yi mini" ma'aikacin zai buɗe kwamfuta ya ɗauko gurbin da ya fi masa sauƙi, ki wayi gari an sa ki 4 ga Agusta, bayan ranar hoton yatsun naki, shi kenan kin koma neman canji biyu maimakon ɗaya.

Sai ki koma kan imel ko tes ɗin da suka turo miki na tabbatar da apointimen ki karanta shi har ƙasa, har ƙananun rubutun nan da kowa yake tsallakewa. A nan suke faɗin hanyar canji da kuma wa'adinsa, wasu wuraren awa 24 kafin lokaci, wasu 48, wasu ma kwanakin aiki suke ƙirgawa ba a sa Asabar da Lahadi. Idan akwai wurin latsawa na canza rana a cikin saƙon to shi za ki bi, ya fi kowace wasiƙa sauri. Kuma ki kalli adireshin da saƙon ya fito, in kin ga `no-reply` ko `noreply` a jiki kar ki ɓata lokacinki, akwatin nan ba mai buɗe shi, za ki zauna kina jiran amsa sati guda alhali babu ɗan adam ɗin da ya ga saƙonki. Nemi adireshi ko lambar da suka ce a tuntuɓe su da ita.

To yanzu saƙon kansa. Ki riƙa tuna wanda zai karanta, mutum ne da yake da tarin saƙonni a gabansa kuma bai san ki ba, abin da yake so ya nemo sunanki a kwamfuta, ya ga gurbi, ya mayar da ke, ya amsa miki da layi ɗaya. Duk abin da zai sa ya sake tambayarki "wace ce ke" ko "yaushe kike so" ya ƙara miki kwana biyu kenan. Ga yadda ni zan tsara shi, ke sai ki mayar da shi turanci:

"Barka da aiki. Sunana (cikakken suna yadda yake a fasfo), ranar haihuwata kaza, lambar apointimen ɗina kaza. Ina da gwajin tarin fuka ranar Talata 15 ga Yuli ƙarfe 9 na safe. Makarantarmu ta sa jarrabawar kare furojet a wannan ranar kuma ba zan iya ɗaga ta ba, shi ya sa nake roƙon a canza mini. Zan iya zuwa Alhamis 10 ga Yuli ko Juma'a 11 ga Yuli kowane lokaci da safe, ko Litinin 14 ga Yuli duk yini. Idan babu gurbi a waɗannan, Laraba 16 ga Yuli ta yi. Ina da ɗaukan hoton yatsu na biza 29 ga Yuli, don haka ina buƙatar gwajin kafin nan. Don Allah a bar mini ranar 15 ɗin har sai an tabbatar mini da sabuwa. Lambar wayata kaza. Na gode."

Kin ga bai fi haka ba. A kan saƙon kuma, wurin take, ki sa wani abu kamar "neman canza rana" da lambar apointimen ɗin da 15 ga Yuli, kar ki bar wurin fayau ko ki rubuta "taimako don Allah".

Layin nan na kusa da ƙarshe, na a bar miki tsohuwar ranar, shi ne mafi muhimmanci a duk saƙon kuma shi ne amsar tsoron da kike ji. Sokewa daban canzawa daban. In kika rubuta kawai "ba zan samu zuwa ranar Talata ba" kika yi shiru, mai karantawa yana da damar ya ɗauka sokewa kike, ya ba wani gurbin, ke kuma ki koma ƙarshen layi, kuma watannin Yuli da Agusta lokacin cunkoson ɗalibai ne kowa yana neman gurbi. Haka ma idan ta shafinsu za ki canza, fara leƙa ranakun da suke akwai tukuna, kar ki latsa sokewa da tunanin za ki zaɓi wata daga baya, wani lokacin kina sokewa ki tarar babu komai sai wata mai zuwa. Idan abin ya ƙi gaba ɗaya, riƙe 15 ɗin yana ba ki damar ki je wurin malamin da yake duba furojet ɗinki ki roƙi a sa ki cikin na ƙarshe da yamma, ki yi asibiti da safe.

Batun dalili kuma, jimla ɗaya ta isa, kuma ta zama gaskiya. Na san halinmu in za mu nemi alfarma sai mun yi shimfiɗa, gaisuwa, ban haƙuri kala uku, labarin yadda makaranta ta canza jadawali ba zato, wahalar hanya, duk wannan a baki yana da kyau amma a rubuce yana binne abin da kike nema ne, mutum ya karanta rabi bai gane me ake so ba ya ajiye sai anjima. Kar kuma wani ya ba ki shawarar ki ce ba ki da lafiya wai don a fi tausaya miki. Asibiti ne fa, kuma gwajin ƙirji za ki, ki ce musu zazzaɓi da tari kike ai kin jawo wa kanki tambayoyi. Jarrabawa dalili ne mai ƙarfi da kansa, in kina da hoton jadawalin difens ɗin ma ki liƙa shi.

Wani ƙaramin abu da yake rikita mutane shi ne rubuta kwanan wata da lamba zalla. Idan kika rubuta 10/07, ɗan Birtaniya zai karanta 10 ga Yuli, wanda ya saba da tsarin Amurka kuma zai karanta 7 ga Oktoba. Rubuta sunan ranar da sunan watan a cike kamar yadda na yi a sama, ko da an yi kuskure a lamba sunan ranar zai tona shi. Kuma ki ba da faɗin lokaci, "da safe" ko "duk yini", in kika kafe a kan ƙarfe 10 daidai da wuya ya dace da abin da yake hannunsu.

Bayan kin tura, kar ki ɗauka an gama. Saƙon da yake dawowa nan take mai cewa "mun karɓi saƙonki" inji ne ya turo, ba amincewa ba ne. An canza miki ne kawai idan kin ga sabon saƙo ɗauke da sabuwar rana da lokaci da sunanki, shi za ki yi wa sikirinshot ki ajiye, in suna so a buga a takarda ki buga. In kwana biyu na aiki suka wuce shiru, kira su a waya da safe da zarar sun buɗe, lambar apointimen a hannunki, ki ce kin turo saƙo ranar kaza. In ta wayar aka canza miki, roƙi a turo miki a rubuce kafin ki ajiye, saboda mai gadin ƙofa takarda zai duba ba labarin wanda kuka yi waya da shi ba. Kuma in suka amsa da ranar da ba ta cikin waɗanda kika bayar amma kafin 29 ga wata ce, karɓe ta a take kar ki tsaya ciniki, irin wannan gurbin ba ya jira.

Shi kuwa apointimen ɗin hoton yatsun ki bar shi inda yake, kar ki taɓa shi sai in gwajin ne ya tilasta, sannan ma ta shafin da kika yi rijistarsa ake canzawa, imel ba ya yin wannan aikin.

In Allah ya kawo ki nan Birtaniya ma tsarin saƙon ɗaya ne, sai dai a wurin lambar apointimen za ki sa lambarki ta NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasar, mai lamba 10 da za a ba ki bayan kin yi rijista da likitan unguwa. Suna yawan turo tes na tunatarwa, wani zai ce ki amsa da `CANCEL` in ba za ki zo ba, to wannan kalmar sokewa take yi kawai, ba ta ba ki wata ranar, sai kin nema da kanki. Na babban asibiti kuma kar ki yi wasa da shi ki ƙi zuwa ba sanarwa, suna iya cire ki daga layi su mayar da ke wurin likitan da ya tura ki a sake daga farko.

Tura saƙon yau ɗin nan kar ki bari sai Litinin, gurbin 10 da 11 su ne za su fara cika. Allah ya ba da sa'ar difens.