Amsa: Yadda waya ke rage hayaniya lokacin kira

“Yaya ake jin muryata sarai alhali ina tsakiyar Kantin Kwari?”

Yawancin wayoyi suna da makirufo biyu, ɗaya a ƙasa kusa da baki, ɗaya a sama ko baya. Muryarka tana isa na ƙasan da ƙarfi saboda kusanci, amma hayaniyar kasuwa tana isa su biyun kusan daidai, sai wayar ta kwatanta su, ta danne abin da suka yi tarayya a kai.

Sai dai ta fi iya maganin ƙara mai ɗorewa irin ta janareta, a kan hon ɗin Adaidaita Sahu ko muryar mai talla da ya matso kusa da kai. Na taɓa sa wa wayata riga da ta toshe ƙaramin ramin saman, kowa na kira sai ya ce hayaniya ta rufe muryata, har ranar da na cire ta.