Tsakanin malami da ɗalibinsa, wa zai amsa tambaya?

"Assalamu alaikum. Ni da malamina za mu gabatar da takarda tare a wani taron ƙara wa juna sani, an ba mu minti 20 har da tambayoyi. Ni na tattara bayanan, shi ya duba aikin. Yaya za mu raba maganar, kuma wa zai amsa tambayoyi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na tsaya a matsayin ƙarami shekaru da dama kafin na koma ina tsayawa a matsayin babba, kuma abin da na gani shi ne, rabon maganar ba ya ba da wahala kamar rabon tambayoyin.

A minti 20, ku ware 5 domin tambayoyi. Malam ya buɗe da minti 3, ya faɗi matsalar da dalilin binciken, sannan ya ambaci sunanka, ya gaya wa mutane da bakinsa cewa kai ka shiga fili ka yi aikin. Kai ka ɗauki minti 9 a kan yadda aka yi binciken da abin da aka samu, shi ya rufe da minti 3 a kan ma'anar sakamakon. Kada miƙa makirufo ya wuce sau biyu, domin kowane miƙi yana cin lokaci, yana kuma yanke wa masu sauraro zaren maganar. Sai dai ka sani, manya ba su cika tsayawa a minti 3 ba, gaisuwa da godiya ga shugaban zama kaɗai kan cinye rabinsu, saboda haka ka ware abin da za ka iya tsallakewa a naka ɓangaren tun daga gida.

Na taɓa gabatar da takarda tare da malamina a kan adana wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaure kowace leda daban domin iska ta ƙare wa ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. Ni na zaga ƙauyukan, amma ba mu yi maganar tambayoyi ba sam. Da wani ya tashi ya ce, "Farfesa, me ya sa waken wasu manoman ya lalace alhali sun yi amfani da buhun?", sai Malam ya amsa da cewa wataƙila buhunan jabu ne. Ni kuwa na san ba haka ba ne, domin na gani da idona ana kwance buhun duk mako a ɗebi na girki, a mayar da ɗaurin sako-sako, iska ta sake shiga. Kunya ta hana ni buɗe baki, ga shi gyara wa malaminka magana a bainar jama'a ba tarbiyya ba ce. Haka aka tashi da amsar da ba daidai ba, kuma laifin na rashin shiri ne, ba na Malam ba.

Tun daga ranar, tsarin da nake bi ke nan. Babba ne ke karɓar kowace tambaya, tunda dama shi za a kira da suna ko da ba shi ya yi aikin ba, ya maimaita ta a taƙaice domin na baya su ji, wanda hakan kan ba ƙaramin ɗan lokacin tunani. Idan tambayar ta shafi hanyar bincike, alƙaluma ko abin da aka gani a fili, sai ya ce, "Wannan ɓangaren abokin aikina ne," ya miƙa. Idan ta shafi manufar hukuma, kuɗin aikin, ko kuma suka ce aka lulluɓe da rigar tambaya, musamman daga wani dattijo a fagen, babba ya riƙe ta, domin shi ke da nauyin da zai iya yin jayayya ba a ce ya yi rashin kunya ba.

Wahalar ita ce yadda za ka gabatar wa Malam da wannan ba tare da ka zama kamar kana tsara masa ba. Ka rubuta tambayoyi 8 ko 10 da kake tsammani, ka kai masa ofis mako guda kafin taron, ka ce, "Malam, ga waɗanda nake jin za a yi, waɗanne kake ganin zan iya ɗauka?" Da kansa zai raba, kuma sau da yawa zai ba ka fiye da yadda ka zata. A nan ne kuma za ka nemi izininsa cewa idan wani adadi ya kuɓuce masa, za ka ce, "Idan Malam ya yarda, zan ɗan ƙara haske," ka faɗi daidai ɗin ba tare da nuna an yi kuskure ba.

Ga manyan da ke cikinmu kuma, ku rage yin "ƙarin bayani" bayan kowace amsar ɗalibi. Da zarar an yi haka sau biyu, mutane sun daina kallonsa, duk wanda ya ɗaga hannu ku zai fuskanta. Ni yanzu da na gama buɗewa nakan koma kujera, in bar masa makirufon, ba na tashi sai lokacin rufewa ya yi.