Sun ce kayana sun tsufa, sun zaftare kashi 40

Tambaya: Malam, gobara ta cinye min sito, kayan miliyan 10 ne, mai tantance asara na kamfanin inshora ya ce 6 za su biya wai kayan sun tsufa. Na roƙe shi ya kai 7 ya ƙi. In sa hannu?

Amsa: Alhaji kar ka sa hannu tukuna, takardar karɓar kuɗin nan yawanci tana cewa ka karɓi cikakken biya ne, kana sawa magana ta ƙare.

Kuskurenka shi ne kana ciniki da shi kamar kuna taya kaya, ƙara min ɗaya. Mutumin nan kamfanin ne ya turo shi kuma su ke biyansa, roƙo ba ya motsa shi, lissafi yake ji. Ka rubuta masa ya ba ka lissafin kaya ɗaya bayan ɗaya, nawa ya cire a kan kowanne, kuma wane sashe na takardar inshorar ya dogara da shi.

Ragin tsufa na abin da aka yi amfani da shi ne, janareto, kanta, fankar shago. Sabon kayan sayarwa da ke cikin kwali bai ci aiki ba balle ya tsufa, ana kimanta shi ne da kuɗin sayen irinsa a ranar da gobarar ta faru, sai dai in takardarka ta faɗi wani ma'auni daban, ko kayan sun yi kwantai ko yayinsu ya wuce. To a ce miliyan 8 sabon kaya ne, 2 kayan aikin shago. Ko ya cire kashi 40 a kan 2 ɗin, dubu 800 ne kawai, saura miliyan 9.2, ka ga nisansa da 6. In kuma takardar ta ce za a maye tsoho da sabo, ko dubu 800 ɗin ma akwai magana.

Amma fa da baki ba za ka ci ba, rasit ne hujjarka. In sun ƙone ka koma wurin dilolinka su ba ka kwafi, ka haɗa da bayanan banki masu nuna ranar da ka biya. Na san wani da ƙaninsa ke riƙe masa littafi a ka, da aka ce ya nuna yaushe kaya suka shigo sai rantsuwa, haka ya karɓi rabi yana ƙunƙuni.

Kuma kar ka ce ga banza ta faɗi ka kumbura farashi ko ka saka ribarka, inshora asara take mayarwa. Yana ma iya juye maka, in ka dage kayan sitonka sun kai 12.5 alhali inshorar 10 ka yi, sai su biya kashi 80 na asarar, tunda 10 kashi 80 ne na 12.5. Ka duba wannan kafin ka aika wasiƙar, kuma ka nemi su fara sakin abin da ba a jayayya a kansa.