Bashi ne ko alheri? Amsoshin tambayoyin masu karatu

Malam, shekara 7 na yi ina yi wa maigidana aiki a kasuwar Mil 12. Da zai sallame ni ya ba ni naira 300,000, bayan shekara ya ƙara mini 200,000. Yanzu mun saɓa, yana cewa yana bi na bashin da ba zan iya biya ba har in mutu. Bashi ne ko alheri? (Wani mai sayar da albasa)

Ɗana, kuɗin nan biyu ba sunansu ɗaya ba, kuma maigidanka ya haɗa su a tukunya guda ne saboda ransa ya ɓaci. Bari mu raba su.

Bashi a Hausa abu ne mai adadi, mai ranar biya, mai ƙarewa. Ana cin sa, ana bin sa, ana biyan sa, ana yafe shi. In wanda ake bi ya rasu, a wurin jana'iza ake shelar duk wanda ke bin mamaci ya zo ya faɗa, kuma sai an fitar da shi daga dukiya kafin a raba gado. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta shi ta sauka. Saboda haka "bashin da ba ya biyuwa" salon magana ne kawai. Abin da ba shi da lissafi sunansa alheri, abin da yake jawowa a wuyanka kuma sunansa hakki.

To, 300,000 ta farko kuɗin sallama ce. Yaron da ya yi shekara 7 yana sauke buhu, yana kwana a rumfa, yana bin 'yan sari su kawo ciniki, ba albashi sai abinci da kuɗin sabulu, jarin da aka ba shi ran sallama guminsa ne haɗe da karamcin ubangida. Ban taɓa jin dattawan kasuwa sun ce a mayar da irin wannan ba.

Ta biyun ce abin dubawa, kuma hukuncinta yana cikin kalmar da ya furta lokacin da yake miƙa maka. In ya ce "ga wannan ka ƙara a jari, Allah ya sa albarka", kyauta ce. In ya ce "ka juya, in ka samu ka kawo", rance ne, ko da bai sa rana ba, kuma 200,000 ɗin nan tana wuyanka cif, ba ƙari ba ragi. In kuwa cewa ya yi "ka juya mu raba riba", kun zama abokan kasuwanci, sai a zauna a yi lissafi. Matsalarmu ita ce kunya. Maigida yana jin nauyin cewa "rance ne", yaro yana jin nauyin tambaya, sai a rabu a kan "ba komai, tsakaninmu ne". Wannan "ba komai" ta raba zumunci da yawa a Agege da Alaba Rago. Ka nemi wanda ke wurin ranar, ko dattijo daga cikin shugabannin 'yan albasa, a tuna abin da aka faɗa. In ya tabbata rance ne, ka biya ko da 20,000 ne duk wata, a gaban shaidu.

Amma kada ka ɗauka ranar da ka gama biya kun yi canjaras. Mutumin da ya sauke ka a Ikko ba ka san kowa ba, ya tsaya maka har manyan dillalai suka yarda su ba ka kaya, yana da gaisuwarka, da zuwa duba shi in ba shi da lafiya, da rufa masa asiri in an taɓa shi a bayan ido. Hakki ke nan, kuma ba ya ba shi ikon zaɓar maka wanda za ka yi ciniki da shi. Shi ma in yana karantawa: abin da yake yi sunansa gori, kuma aya ta 264 a wannan surar ta ce gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

Mene ne bambancin aro da rance? (Wata uwargida, Idi-Araba)

Abin da za ki mayar da shi kansa, aro ne: tabarma, tukunya, mayafi. Abin da za ki kashe ko ki ci ki mayar da kwatankwacinsa, rance ne: kuɗi, mudun shinkafa.

Na rubuta wa malamina na makarantar allo saƙo na ce "ina bin ka godiya", sai ya yi dariya. Ina kuskuren? (Ɗalibi, Obalande)

Ai gara da ya yi dariya, wani malamin da fushi zai yi. Ce masa ka yi shi ne zai gode maka! A Hausa mai kuɗi ne ke bi. "Ina bin ka" na nufin nawa yana hannunka. In kai ne ka ci, sai ka ce "kana bi na". Kuma ko ka gyara ka ce "kana bi na godiya", maganar ba ta zauna ba, don Turanci ne ka sa wa hula. Bahaushe ba ya bin godiya, yin ta yake yi: na gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan mahaifa.

Wannan cutar ta yi yawa a bakin yaranmu da suka tashi a nan. Kwanaki na ji wani a rediyo yana cewa kada mutum ya "ciji hannun da ya ciyar da shi". Wane Bahaushe ne ke cizon hannu? Muna da kalma guda, butulu, muna da kirarinsa kuma: kaza, ci ki goge baki. Wanda ya taɓa watsa wa kaji tsaba ya ga yadda suke gama ci su goga baki a ƙasa kamar ba su ci ba, ba ya bukatar a fassara masa.

Tunda malamin allo ne, ka tuna kuɗin Laraba da ake ba ka ka kai masa kafin hutun Alhamis da Juma'a. Ba a taɓa kiran su kuɗin makaranta ba, don ba wanda ya ɗauke su farashin karatu. Shi ya sa wanda ya sauke Alƙur'ani shekara 30 da suka wuce har yau in ya je gida sai ya durƙusa a gaban malaminsa da ɗan abin da ya samu. Ka bar saƙon waya, ka je da ƙafarka.

"Yaba kyauta tukuici", wa ake ba tukuicin? (Mai karatu, Ijora)

Ɗan aike, wanda ya kawo kyautar. Mai kyauta yana gane yadda aka karɓi abinsa daga abin da aka damƙa wa yaronsa. Masu mayar wa mai kyautar kansa wani abu suna kiran sa tukuici, sun sauya wa kalmar gida.

Na kai mahaifiyata Makka, na gina mata gida. Zan iya cewa na biya ta? (Ɗan canji, Agege)

A'a, Alhaji. "Biya" kalmar bashi ce, iyaye kuwa hakki gare su. A hadisin da Muslim ya ruwaito, ɗa ba ya iya saka wa mahaifi sai dai in ya same shi bawa ya saye shi ya 'yanta shi. Ka ce ka kyautata mata, ka nemi albarkarta. Kuma ka yi hankali da yawan ambaton gidan da kujerar Makkan a gabanta, don ɗa ma yana iya yi wa uwarsa gori.