Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Wanda Ba Ya Ɗaukar Wasa

Tambaya: Likita, rashin ɗaukar wasa taɓin hankali ne?

Amsa: A'a, Malam, shi kaɗai ba ciwo ba ne. Amma idan ya kai ka ga ƙaurace wa mutane ko ya hana ka barci, ka je ka ga likita.

Tambaya: Ƙanena ya sha tsangwama a makaranta saboda in'ina. Yanzu shekarunsa 24, da an zolaye shi sai ya fusata ya bar wurin. Mun yanke shawarar mu yi ta tsokanarsa har ya saba. Daidai ne?

Amsa: Don Allah, Malama, ku daina, domin tsohon gyambo kuke famawa. Yaron da aka shekara ana kwaikwayon maganarsa ajin na shewa, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta haɗa sautin dariya da haɗari. Akwai wani ɗan sashe a cikinta mai suna amigdala, wanda aikinsa gargaɗi ne, kuma yana motsawa tun kafin tunani ya tantance wasa ake yi ko cin mutunci. Shi ya sa za ki ga fuskarsa ta sauya, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi, maganar ta ƙara sarƙewa, alhali mai zolayar bai ma rufe baki ba. Wannan ba girman kai ba ne.

Tabon kuma yana daɗewa. A Birtaniya an bibiyi dubban yaran da aka haifa a 1958, aka tarar waɗanda aka tsangwama suna ƙanana sun fi sauran fama da damuwa da fargaba har bayan kusan shekara 40.

Gaskiya ne masana halayyar ɗan Adam suna sa mutum ya fuskanci abin da yake tsoro, amma da yardarsa ake yi, sannu a hankali, kuma yana da ikon cewa a tsaya. Tsokanar taron dangi ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ta tabbatar masa cewa ko a gida bai tsira ba. Ki same shi shi kaɗai, ki tambaye shi wace magana ce ta fi yi masa zafi, ku bar ta gaba ɗaya, musamman batun in'inar. Sannan ki raka shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Idan ya daina cin abinci, ya kulle kansa a ɗaki, ko ya ambaci gajiya da rayuwa, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira gobe.

Tambaya: Abokina ya ce in riƙa shan tiramadol zuciyata ta dake, in daina jin zafin zolaya.

Amsa: Haba ɗana! Tiramadol yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma yana kama jiki har mutum ya kasa bari. Idan ka riga ka saba da shi, kada ka yanke lokaci guda, ka je asibiti a rage maka a hankali.