Amsa daga Bronx: yadda muke jin gonna, wanna da dunno

Yaya, ka ce a saƙonnin yaranmu kana ganin gonna da wanna, ka tambaya ko Turancin ma ya lalace musu bayan Hausar ta tafi. Hausarmu tana nan. A gidana a Bronx, cikin birnin New York, ba yaron da ke miƙa hannu a tuwo bai gaida babba ba. Maganar Turancin kuwa, haka masu harshen suke furta shi, daga direban bas har likita. Mu ma ai “za ni” muka dunƙule ya zama “zan”, ba wanda ya ce mun ɓata Hausa.

Tunda fassara kake yi, kafin ka juya komai ka fara warware kalmar. Gonna asalinta going to ce, amma ta niyya, wadda aikatau ke bi. Ba ta nufin tafiya. Ba’amurke ba zai ce “I’m gonna Kano” ba. To “I’m gonna call” shi ne “zan kira”. Sai dai ka duba abin da ya gabace ta: in ka ga was, zance ya juye. “I was gonna send it” na nufin “da na yi niyyar aikawa”, galibi kuma ba a aika ba.

Wanna ta fi wuya. Takan zama want to, takan zama want a, kuma sau da yawa ba so ake nufi ba. Na raka wani dattijonmu asibiti, likita ta ce masa “You’re gonna wanna take this with food.” Jikansa ya juya masa da cewa zai so ya sha da abinci, tsoho ya ɗauka zaɓi aka ba shi. Umarni ne cikin ladabi: ka sha maganin nan da abinci. Haka “You don’t wanna do that” gargaɗi ne, wato kul ka yi.

Dunno kuwa, wato don’t know, ita ta kusa haɗa mu da surukata, Ba’amurkiyar da ɗana ya aura, wadda kuke ta tambaya ko ta iya zama da mu. Hajiya ta ce a yi sunan jariri a falonsu, ita kuma ta ce “I dunno about that.” Aka gaya wa Hajiya wai ta ce ba ta san zancen ba, ran tsohuwa ya ɓaci. Alhali cewa ta yi anya kuwa, don falon ba zai ɗauki jama’a ba. In dunno ta zo ita kaɗai bayan tambaya, “ban sani ba” ce. In about that ya biyo ta bayan an kawo shawara, shakka ce ko ƙi cikin kunya, sai ka sa “anya”. Yarinyar nan har ƙasa take durƙusa wa Hajiya, kuma a ƙarshe zauren masallaci muka kama aka yi sunan.